Me ya sa Upwork da Fiverr suke rufe asusun ma'aikata, kuma ta yaya mutum zai tsare nasa?

Tambayar da ta fi yawo a tsakanin matasanmu masu neman aiki ta intanet ita ce: me ya sa ake wayar gari a tarar an dakatar da asusun mutum a Upwork ko Fiverr, dandalin intanet biyu da ke haɗa masu ba da aiki da ma'aikata, alhali bai damfari kowa ba, kuma masu ba shi aiki suna yaba masa? Amsar da aka fi saurin bayarwa ita ce wai kamfanonin nan sun tsani 'yan Najeriya. Gaskiya ne sunan da 'yan damfara suka ɓata wa ƙasar yana sa a ƙara mana ido, amma wanda ya bi diddigin irin waɗannan koke-koke zai ga cewa da yawa daga cikinsu suna komawa ne ga abubuwa uku: buɗe asusu fiye da ɗaya, karɓar kuɗi a wajen dandalin, da kasa tabbatar da cewa mai asusun shi ne wanda ya ce shi ne. Abin da ya fi damuna shi ne, yawancin waɗanda abin yake rutsawa da su ba su ɗauki abin da suka yi a matsayin laifi ba, domin a mu'amalarmu ta yau da kullum aron waya, ko karɓar kuɗi ta asusun bankin ɗan'uwa, ko ƙulla ciniki ta WhatsApp, duk abubuwa ne da ba wanda yake ganin aibinsu.

Abin da dandalin yake sayarwa

Kafin a fahimci dokokin, sai an fahimci inda kamfanin yake samun kuɗinsa. Mai ba da aiki da ke Jamus ko Kanada ba zai iya zuwa Kano ya ga wanda zai fassara masa takarda ko ya tsara masa tambarin kamfani ba, kuma shi ma'aikacin ba shi da hanyar bin bashinsa idan an ƙi biyansa. Dandalin ne yake tsayawa a tsakani, ya ce wa mai ba da aiki wannan mutum ne na gaske kuma ga tarihin ayyukansa, ya ce wa ma'aikaci kuɗinka suna hannuna a ajiye. A kan wannan tsayuwar yake cire ladansa. Fiverr, wanda aka kafa a 2010, yana cire kashi 20 cikin ɗari na kuɗin kowane aiki. Upwork, wanda ya ɗauki wannan sunan a 2015 bayan haɗewar Elance da oDesk, ya sha sauya nasa lissafin, kuma tun 2025 abin da yake cirewa yana kamawa daga sifili zuwa kashi 15 cikin ɗari gwargwadon kwangilar.

Daga nan dokokin uku suka samo asali. Asusu na biyu yana ɓata amincin tarihin ayyuka, biya a waje yana hana kamfanin ladansa, sunan da bai dace da takardu ba kuma yana jefa shi cikin matsala da bankuna da hukumomin da ke sa ido kan safarar kuɗi. Shi ya sa nagartar aikin mutum ba ta cetonsa idan ya taka ɗaya daga cikinsu.

Yana da kyau kuma a bambance matakan hukuncin, domin mutane suna kiran komai da sunan rufewa. Akwai gargaɗi, wanda a Fiverr yake zama a kan asusu na tsawon kwana 90 kafin ya goge, kuma taruwarsa ce take kai ga hukunci mai tsanani. Akwai taƙaitawa, inda za a hana mutum neman sabon aiki ko cire kuɗi har sai ya kawo wata takarda ko ya amsa wata tambaya. Sai kuma rufewa ta dindindin. Mataki na biyu shi ne inda ake yawan yin kuskure, domin mutum yana ganin saƙon taƙaitawa sai hankalinsa ya tashi, ya ruga ya buɗe sabon asusu, ta haka ya mayar da matsalar da takarda ɗaya za ta warware ta zama laifin da ba a yafewa.

Asusu ɗaya ga mutum ɗaya

Dokar a sarari take a duka dandalin biyu: kowane mutum asusu ɗaya, shi kaɗai ke amfani da shi, kuma ba a sayarwa, ba a bayar da haya, ba a ba da aro. Wanda yake son ya riƙa ɗaukar ma'aikata bayan aikin da yake yi ba ya buƙatar asusu na biyu, domin Upwork yana ba da damar buɗe ɓangaren mai ba da aiki ko na kamfanin haɗin gwiwa a ƙarƙashin shiga ɗaya, Fiverr kuma yana barin mutum ya riƙa sauyawa tsakanin mai saye da mai sayarwa a asusu guda. Haka nan wanda yake da sana'a biyu, a ce fassara da zanen tambari, zai baje su duka a asusunsa ɗaya.

Dalilin tsananin shi ne mai asusu biyu zai iya sayen aiki a wurin kansa ya ba kansa taurari biyar, ko ya gudu daga mummunan sharhin da aka rubuta masa ya dawo da sabon suna. Kamfanin ba ya iya karanta niyyar kowa, saboda haka alamu yake bi. Sabon imel ba ya ɓoye komai. Na'urorin dandalin suna lura da wayar ko kwamfutar da aka shiga da ita, da adireshin IP, wato lambar da ke nuna layin intanet ɗin da aka shiga da shi, da lambar wayar da aka tabbatar, da asusun bankin da aka haɗa ko na Payoneer, wato kamfanin da ake karɓar kuɗin aiki daga ƙasashen waje ta hannunsa, da katin shaidar da aka ɗora. Idan biyu ko uku daga cikin waɗannan suka haɗu a asusu biyu, sai a ɗauke su a matsayin na mutum ɗaya.

A nan ne yanayin rayuwarmu yake shigowa. Haɗuwar adireshin IP kaɗai ba hujja ba ce mai ƙarfi, domin kamfanonin sadarwa irin su MTN da Airtel suna raba adireshi ɗaya ga masu amfani da yawa a lokaci guda, kuma masu dandalin sun san haka. Abin da ke jawo matsala shi ne taruwar alamun. Ɗauki misalin wa da ƙane a gida ɗaya a Zariya, dukansu suna zanen tambari a Fiverr. Kwamfuta ɗaya suke amfani da ita saboda ita kaɗai ce a gidan, ƙanen bai buɗe Payoneer ba sai ya haɗa na yayansa, sannan da ya zo rubuta bayanin hidimarsa sai ya kwafi na yayan ya sauya kalma biyu. A idon na'ura wannan mutum ɗaya ne da ke ƙoƙarin mamaye sakamakon bincike da asusu biyu, kuma ana iya rufe duka biyun, har da na yayan da ya shekara yana tara sharhi mai kyau. Idan kuma yayan ya sayi ƙaramin aiki a wurin ƙanen domin ya buɗa masa hanya da sharhin farko, wanda a wajenmu taimakon zumunci ne, to sun ƙara laifin maguɗin sharhi a kan na farko.

Mafitar ba ta da wuya, sai dai tana son a yi ta tun kafin a buɗe asusu na biyun. Kowa ya kasance da imel ɗinsa, da lambar wayarsa, da hanyar karɓar kuɗinsa mai ɗauke da sunansa, kowa ya rubuta bayaninsa da kalmominsa kuma ya nuna samfurin aikinsa na kansa, kada ɗaya ya saya a wurin ɗaya. Idan dole ce ta sa su raba kwamfuta ko layin intanet, sai su rubuta wa sashen taimako na dandalin su bayyana cewa mutum biyu ne a gida ɗaya, su adana amsar da aka ba su. Wannan shawara ta shafi masu aiki a shagon intanet ko cibiyar koyon kwamfuta, inda mutum goma za su shiga asusunsu a na'ura ɗaya a wuni guda. Wanda kuma ya taɓa buɗe asusu shekarun baya ya manta da shi, abin da ya dace shi ne ya nemi a dawo masa da shi ko a rufe shi a hukumance kafin ya buɗe wani.

Akwai wani ɓangare na wannan dokar da nake ganin ya fi kowanne haɗari, wato hayar asusu. Ana turo wa matasa saƙo ana cewa su ba da asusunsu da aka riga aka tantance, wani ya yi aiki da shi a riƙa ba su kaso duk wata, a ɗaya gefen kuma akwai masu sayar da asusun da ke ɗauke da adireshin Amurka ko Birtaniya ga waɗanda suke ganin sunan Najeriya ne ke hana su samun aiki. Mai saye ya sani cewa ranar da aka nemi fuskar mai asusun ko aka ce ya amsa kiran bidiyo, duk abin da ya tara ya tafi, kuma asalin mai sunan yana iya ƙwace asusun da kuɗin da ke ciki ba tare da an ji kukan kowa ba. Mai ba da haya kuma sunansa ne a kan duk abin da aka aikata. A watan Mayun 2022 hukumomin Amurka sun fitar da gargaɗi cewa ma'aikatan fasaha na Koriya ta Arewa suna amfani da sunaye da asusun wasu mutane domin samun aiki ta intanet, kuma a 2025 wata kotun Amurka ta yanke wa wata mata daga jihar Arizona hukuncin ɗaurin fiye da shekara takwas saboda taimaka wa irin wannan harkar. Wanda ya miƙa asusunsa ga baƙon da bai taɓa gani ba, ba shi da hanyar sanin ko cikin irin wannan ya faɗa.

Biya a waje: lissafin da ke ruɗar mutane

Wannan ita ce dokar da aka fi karyawa da gangan, domin ribar karya ta a bayyane take, asarar kuma a ɓoye. A Upwork, duk mai ba da aikin da ka fara haɗuwa da shi a dandalin, dole ne duk wani biya tsakaninku ya bi ta dandalin har tsawon shekara biyu daga fara hulɗarku, ko da sabon aikin da ya kawo bai da alaƙa da na farko. Wanda yake son fita kafin wa'adin ya cika akwai ƙofar da aka halatta, wato biyan kuɗin fansa ga kamfanin, wanda ake lissafawa bisa abin da ma'aikacin zai samu a shekara guda: a ninka kuɗin awarsa sau 2,080, sannan a ɗauki kaso sama da goma cikin ɗari. Mai karɓar dala 10 a awa, lissafin shekararsa dala 20,800 ne, kuɗin fansar kuma zai haura dala 2,000, abin da ya sa sai kamfanin da ke son ɗaukar mutum aiki na dindindin yake biya. Dokar ba ta hau kan wanda kuka san juna kuma kuke aiki tare tun kafin dandalin ba. A Fiverr kuwa ƙa'idar ita ce biya da tattaunawa duka su tsaya a cikin dandalin.

Tun kafin a kai ga maganar kuɗi akwai ta musayar lamba. Upwork ya hana ba da lambar waya, ko imel, ko sunan Telegram kafin a ƙulla kwangila, kuma ya tanadi kiran murya da na bidiyo a cikinsa domin tattaunawar farko. Bayan an ƙulla kwangilar ana iya magana a wani wuri, amma biya yana nan a ciki. Ana tace saƙonni da na'ura, kuma dabarar rarraba lambobi da kalmomi ko ɓoye lambar waya a cikin hoto ko fayil ba ta tsirar da kowa, hasali ma tana nuna cewa mutum ya san dokar ya zagaye ta. Ko takardar bayanin karatu da ayyukan da mutum ya ɗora, idan tana ɗauke da lambarsa a sama kamar yadda muka saba rubutawa, tana iya jawo gargaɗi, don haka a goge lambar kafin a tura.

Mu bi misali ɗaya dalla-dalla. A ce wata mai fassara daga Turanci zuwa Hausa tana aiki a Fiverr, wani da ta yi wa aiki sau biyu ya dawo da aikin dala 300, ya ce mata me zai hana su koma WhatsApp ya biya ta kai tsaye. Idan ta tsaya a dandalin za a cire dala 60, ta karɓi 240, kuma sai bayan kwana 14 da kammala aikin kuɗin za su zama waɗanda za ta iya cirewa. Idan ta fita za ta karɓi 300 cif, wataƙila a ranar. Ribar ke nan, dala 60 da mako biyu. Yanzu a duba ɗaya hannun. A ce tana da dala 900 na wasu ayyuka da ke jiran wa'adinsu. Idan aka rufe asusun, Fiverr yana riƙe kuɗin da ke ciki na kwana 90 kafin a ba da damar cirewa, ayyukan da ke kan hanya ana iya soke su a mayar wa masu su kuɗinsu, sharhin da ta tara da matakin da ta kai duk sun tafi, kuma ba ta da izinin buɗe wani asusun. Sannan ita kanta dala 300 ɗin ba ta da tabbas, domin babu mai riƙe da ita a tsakani. Idan ta miƙa fassarar ya ɓace, ba ta da wurin kai ƙara, tunda kai ƙarar ga dandalin tona wa kanta asiri ne. Idan kuma da kati ya biya ta wata hanya, yana iya zuwa bankinsa daga baya ya ce bai amince da cirar ba a janye kuɗin.

Abin da ya kamata ta yi shi ne ta amsa a cikin saƙon dandalin, a taƙaice kuma cikin ladabi, cewa tana son ci gaba da aiki da shi amma biya da magana sai ta nan. Wannan amsar hujja ce a gare ta idan an zo bincike, domin mai duba saƙonnin zai ga wa ya kawo maganar da kuma abin da aka mayar masa. Yin shiru sannan a ga hira ta yanke ba tare da an ƙulla ciniki ba yana barin ƙofar zargi a buɗe. Idan ya nace, akwai maɓallin kai rahoton saƙo. Idan damuwarta ladan da ake cirewa ne, sai ta saka shi a farashi tun farko: mai son dala 300 ta shigo hannunsa a Fiverr sai ya nemi 375.

Ba na musun cewa kashi 20 cikin ɗari yana da nauyi ga wanda ke sayen data da man janareta da kuɗinsa, kuma masu sukar kamfanonin nan suna da hujja idan suka ce shekara biyu ta yi yawa ga dangantakar da ma'aikaci ya gina da guminsa. Amma sharaɗi ne da mutum ya karanta, ko ya kamata ya karanta, ya amince da shi kafin ya shiga, kuma wanda ya ga ya yi masa tsauri yana da 'yancin neman masu ba da aiki ta wasu hanyoyi da babu wannan igiyar a kansu.

Ya kamata a ƙara da cewa yawancin saƙonnin da ke kiran sabon ma'aikaci zuwa Telegram tun kafin a fara komai na 'yan damfara ne. Alamominsu sanannu ne: kuɗi mai yawa a kan aiki mai sauƙi kamar sake buga rubutu, sai bayan an gama a ce ka biya kuɗin rajista ko na katin ma'aikaci kafin a sakar maka haƙƙinka. A Upwork, aikin da aka yanke wa farashi ba a fara shi sai an ga cewa mai aikin ya zuba kuɗin zangon aikin da za a yi a ajiyar dandalin, aikin awa kuma kariyarsa tana rataye ne da kunna manhajar ƙirga lokaci, wadda take ɗaukar hoton allon kwamfuta sau ɗaya a kowane minti goma.

Tantance mai asusu da matsalar sunayenmu

Dandalin yana iya neman tantancewa a farkon buɗe asusu, ko lokacin cire kuɗi, ko kuma a duk sa'ad da ya ga wani abu ya sauya. Yawanci abin da ake nema shi ne hoton katin shaida na gwamnati da hoton fuska da za a ɗauka nan take, wani lokaci kuma Upwork yana ƙarawa da gajeren kiran bidiyo ko takardar da ke nuna adireshi, kamar bayanan asusun banki. Ana ba da 'yan kwanaki ƙalilan, kuma barin wa'adin ya wuce yana kai ga taƙaita asusun. Shekarun mai asusu su kai 18. Wanda ba ɗan Amurka ba kuma yana cike fom ɗin haraji mai suna W-8BEN a Upwork, da sunansa na takarda.

Ƙa'idar da ke ƙarƙashin duk wannan ita ce suna ɗaya ya bayyana a wuri uku: a asusun dandalin, a katin shaida, da kuma a asusun da za a tura kuɗi. A nan Bahaushe yake da matsala ta musamman. Mutum ɗaya zai kasance Muhammad a fasfo, Mohammed a BVN, Muhammed a lasisin tuƙi. Wani a makaranta an rubuta shi da sunan garinsu, a ce Gusau ko Funtuwa, a NIN kuma da sunan mahaifinsa. Wani an san shi da Sadiq amma takardunsa Abubakar suke ɗauke da shi. Mace kuma tana iya buɗe asusu da sunan mijinta alhali katinta yana ɗauke da na mahaifinta. Ga kuma ranar haihuwa da ta bambanta daga takarda zuwa takarda. Ma'aikacin bankin unguwa ya san duk waɗannan mutum ɗaya ne, amma na'urar da ke kwatanta haruffa, ko ma'aikacin da ke wata nahiya, ba su da wannan sanin.

Hanyar da ta fi tsaro ita ce a fara daga takarda a gangaro. Mutum ya zaɓi katin da zai dogara da shi, kuma fasfo ne ya fi ƙarfi domin tsarinsa ɗaya ne a duniya, na'ura tana karanta shi kai tsaye. Sai ya rubuta sunansa a dandalin harafi da harafi kamar yadda yake a katin, ya buɗe Payoneer da wannan sunan, ya tabbatar asusun bankinsa ma haka yake. Idan akwai saɓani, a gyara shi a hukumar NIMC ko a banki tun kafin kuɗi su taru, ko da hakan zai buƙaci takardar rantsuwa daga kotu. Gyara bayan an riƙe kuɗi ya fi ɗaukar lokaci, kuma a lokacin mutum yana magana ne a matsayin wanda ake tuhuma. Haɗa asusun bankin uwa, ko miji, ko aboki, haramun ne a dokar dandalin ko da da yardarsu ne, domin a idon masu binciken safarar kuɗi haka ake wanke kuɗin haram.

Shi kansa hoton katin yana kayar da mutane. A ɗauki hoton ainihin katin a wuri mai haske, kusurwoyinsa huɗu su fito, rubutun ya karantu, wa'adinsa bai ƙare ba. Kada a tura hoton kwafin da aka buga, kuma kada a taɓa shi da manhajar gyaran hoto ko da don a ƙara masa haske ne, domin alamar gyara tana sa a ɗauke shi a matsayin na jabu, hukuncin jabu kuwa rufewa ce ta dindindin. Hoton da ke shafin mutum a Upwork ya zama fuskarsa ta gaske, wadda za ta dace da ta katin.

Sai maganar wurin zama. Da yawa daga cikinmu sun saka VPN, manhajar da ke sa a ga kamar daga wata ƙasa mutum yake shiga intanet, a wayoyinsu lokacin da gwamnatin tarayya ta dakatar da Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, kuma wasu sun saba barinsa a kunne har yau. Asusun da ya ce yana Kaduna, da safe ya shiga daga Holan, da rana daga Amurka, yana kama da asusun da aka sace ko aka ba da haya, kuma hakan yana iya tayar da tantancewa. Wanda kuma ya rubuta Landan a matsayin garinsa yana zaune a Katsina, ƙarya ce da za ta fito ranar da aka nemi takardar adireshi. Mai tafiya ta gaske, kamar wanda zai yi Umara ko ɗan kasuwar da ke zirga-zirga tsakanin Kano da Maraɗi, ba laifi ya yi ba, sai dai ya tafi da layin wayar da ake turo masa lambar shiga, wanda ya ƙaura kuma ya sauya adireshinsa a dandalin ya shirya takardar da za ta tabbatar da hakan.

Idan an riga an dakatar

Abu na farko shi ne a karanta imel ɗin da aka turo a gane wane mataki ne da kuma wace doka aka ambata, a kuma tabbatar daga kamfanin ya fito, domin akwai saƙonnin bogi masu kwaikwayon sanarwar dakatarwa don a saci kalmar sirri. Hanyar tabbatarwa ita ce a shiga dandalin kai tsaye a duba ko sanarwar tana can. Sai a ɗaukaka ƙara sau ɗaya, ta hanyar da aka nuna, da bayani gajere mai ɗauke da hujja: idan zargin asusu biyu ne, a faɗi ko wane ne mai ɗaya asusun da dalilin haɗuwar na'urarku, kowa ya nuna katinsa, idan saɓanin suna ne, a haɗa takardun da ke nuna mutum ɗaya ne, idan biya a waje ne, a nuna saƙon da aka ƙi tayin. Buɗe koke goma a kan magana ɗaya ba ya hanzarta komai, zagi a shafukan sada zumunta ma haka. Wanda ya san ya yi laifin, amsa shi da bayyana abin da ya gyara ya fi masa amfani a kan musun abin da yake rubuce a gabansu.

Masu cewa a biya su za su buɗe asusun da aka rufe, saboda wai suna da ɗan'uwa a kamfanin, damfara ce ta biyu a kan wanda ya riga ya yi asara. Kuma kamfanin yana iya ƙin dawo da asusu ba tare da ya yi cikakken bayani ba, domin ba ya son bayyana yadda yake gano masu laifi, abin da babu shakka yake cutar da wanda aka kama bisa kuskure. Saboda wannan ne ma'aikacin da ya san harkar yake cire kuɗinsa da zarar wa'adinsu ya cika maimakon ya bar su su taru, yake adana samfurin ayyukansa da hotunan sharhin da aka yi masa a wani wuri na daban, yake kuma riƙe asusu a dandali fiye da ɗaya, wato ɗaya a Upwork ɗaya a Fiverr, wanda babu dokar da ta hana.